Tambayoyi da amsoshi: yadda ake gina mutum-mutumin boksel daga hoton mutum

Amsoshin nan sun fi karkata ga ginin hannu da manhajar MagicaVoxel, domin a nan ne aka fi samun kamanni. Misali guda za mu bi tun daga farko: wani mutum a tsaye, mai gemu da tabarau, sanye da shuɗiyar riga mai gajeren hannu da baƙin wando.

1. Mene ne boksel, kuma me ya bambanta shi da fiksel?

Fiksel ɗigo ne mai kusurwa huɗu a kan shimfiɗaɗɗen hoto, yana da faɗi da tsayi kawai. Boksel kuwa ɗan akwati ne mai fuska shida daidai wa daida, yana da faɗi da tsayi da kauri. Duk ƙwayoyin girmansu ɗaya, kowace tana zaune a gurbinta, ba a karkatar da ita, ba a rage mata girma, kuma launi ɗaya tak take ɗauka. Wannan ƙa'idar ita ce ke ba siffar kyanta, ita ce kuma ke wahalar da mai gini, domin babu rabin ƙwaya. Ido ko dai ya ci ƙwaya ɗaya ko ya ci biyu.

2. Hoto ɗaya ya isa?

Ya isa a fara, amma ka san abin da zai ba ka. Hoton gaba yana nuna faɗi da tsayi da launi. Ba ya faɗa maka kaurin ƙirji, ko yadda ƙeya ta fito, ko nisan da hanci ya yi gaba. Idan hoto ɗaya gare ka, duk waɗannan kai za ka yanke su da hankalinka, kuma ma'aunan da ke tambaya ta 7 za su taimaka.

Idan kana da zaɓi, nemi uku: gaba, gefe, da baya. Na gefe ya fi na baya daraja nesa ba kusa ba. Na baya amfaninsa bai wuce sanin inda gashi ya tsaya a ƙeya da abin da ke bayan riga ba.

3. Wane irin hoto ne ya fi dacewa?

Wanda aka ɗauka daga nesa, kamar mita 3 zuwa 4, kyamara tana daidai ƙirjin mutumin, sannan a jawo shi kusa ko a yanke gefen hoton daga baya. Dalili shi ne, idan kyamara ta matso kusa, abin da ya fi kusa da ita yana kumbura. Shi ya sa hoton da mutum ya ɗauki kansa da hannu yake ƙara wa hanci girma, ya ɓoye kunnuwa. Wanda aka ɗauka daga sama kuma yana gajarta ƙafafu. Idan ka auna daga irin wannan hoto, karkacewar za ta bi ka har cikin ginin.

Haske ya zama mai laushi, irin na inuwa ko na ranar da hadari ya rufe rana. Hasken da ya bugo daga gefe ɗaya yana raba fuska gida biyu, sai ka rasa wanne ne ainihin launin fata. Mutumin ya tsaya sak, ya ɗan ware hannuwansa daga jiki don a ga inda riga ta ƙare, bayansa kuma ya zama bango mai launi ɗaya. Akwai wani ƙaramin tarko: kyamarar gaba ta wayoyi da yawa tana juya hoto kamar madubi. Duba rubutun riga ko hannun da agogo yake kafin ka fara, kada ka ɗora tsagar gashi a gefen da ba nata ba.

4. Da wace manhaja zan yi aikin?

MagicaVoxel kyauta ce, tana aiki a Windows da macOS, kuma da ita yawancin masu wannan sana'a suke farawa. Allon launukanta yana ɗaukar launi 255, wanda ya ninka abin da mutum ɗaya yake bukata sau da yawa. Goxel ita ma kyauta ce a kwamfuta, tana kuma aiki a Linux da wayoyi. Don gyaran hoto, GIMP ko ImageMagick sun wadatar. Ba ka bukatar manhajar Blender sai za ka motsa siffar ko ka buga ta a firintar abubuwa masu jiki.

5. Ƙwaya nawa ya kamata tsayin siffar ya kasance?

Wannan ce shawarar da komai ya rataya a kanta, kuma a nan masu farawa suka fi kuskure, don suna zaton yawan ƙwayoyi shi ne kamanni. Dubi lissafin. Idan ka ninka tsayi sau biyu, fuskar da za ka shafa wa launi ta ninka sau huɗu, adadin ƙwayoyi kuma sau takwas. Ban da yawan aiki, idan tsayi ya haura ƙwaya ɗari, siffar tana daina kama da abin da aka gina da gangan, ta koma kamar hoton da ya dagargaje.

Ƙasa ma akwai iyaka. Ɗan wasan Minecraft tsayinsa fiksel 32 ne, kansa 8 ta kowane gefe. A fuska mai faɗin 8 za ka iya nuna launin fata da gashi da gemu, amma ba za ka iya raba mai zagayayyar fuska da mai doguwar fuska ba. A ganina tsakanin 40 da 64 ne wurin da ya fi daɗin aiki idan ana son a gane mutum. A misalinmu mun ɗauki 48.

Ka kuma zaɓi faɗi mai rabuwa biyu daidai, kamar 14 ko 24, ka tsaya a kansa. Hakan na nufin hanci zai ci ƙwaya biyu, baki huɗu. Idan ka gina kai mai faɗin 13 a kan jiki mai faɗin 12, ba za su taɓa zama a tsakiyar juna ba, tunda babu rabin ƙwaya.

6. Me ya sa ake ƙara wa kai girma? Ba zai ɓata kamanni ba?

Baligin mutum tsayinsa kusan kai bakwai ne zuwa bakwai da rabi. Idan ka bi wannan a siffa mai ƙwaya 48, kai zai samu ƙwaya 6 ko 7 kacal, ƙasa da na Minecraft ma. Ido ɗigo ɗaya, tabarau babu wurinsa, gemu layi guda. Alhali mutane da fuska da gashi suke gane ɗan'uwansu, ba da tsawon ƙauri ba. Don haka ake rage wa jiki a ƙara wa kai, har ya kai kashi ɗaya cikin uku na tsayin duka. A misalinmu kai ya samu 16.

Wannan ba ya ɓata kamanni muddin ka kiyaye yadda sassan fuska suke da juna. Abin da ke ɓatawa shi ne ka ba kowa kai iri ɗaya. Mai doguwar fuska, ba shi faɗi 12 tsayi 16. Mai kumatu, ba shi 16 da 16.

7. To yaya ake rarraba ƙwayoyin 48 ɗin?

Daga ƙasa zuwa sama: ƙafafu 16 (biyu na ƙasa takalmi ne), gangar jiki 15, wuya 1, kai 16 har da gashi. Gangar jiki faɗinta 12, kaurinta 8. Kowane hannu faɗi 4, kauri 4, tsawo 16, shida na sama hannun riga, sauran fata. Ka ga faɗin kafaɗa ya zama 20. Kowace ƙafa faɗi 5 da rata 2 a tsakani, kauri 6, takalmi ya leƙo gaba da ƙwaya biyu. Kai faɗi 14, kauri 14. Wuya 6 da 6, a ɗan tura shi baya da ƙwaya ɗaya, domin haɓa tana gaban wuya.

A MagicaVoxel, rubuta `24 20 48` a gurbin girma da ke sama. Na farko faɗi ne, na biyu kauri, na uku tsayi. Share akwatin da manhajar ta buɗe da shi, kunna Mirror X don abin da ka gina a gefe ɗaya ya fito a ɗaya gefen, zaɓi Attach da burushin Box, ka gina kowane sashe a matsayin dunƙulen akwati da launi ɗaya. Kada ka taɓa fuska tukuna. Sai an gama dunƙulen ne ake komawa hoton a tambaya: mutumin nan ya fi wannan ƙiba ko ya fi shi sirantaka? Mai tumbi, ƙara masa layi biyu a gaban ciki. Siriri, mayar da kaurin jiki 6. Gyara a wannan mataki minti biyu ne, amma bayan an shafa launi sai an rushe aiki.

Yayin aunawa, sa kyamarar manhajar a Orth maimakon Pers, don layuka su tsaya a miƙe ka iya ƙirga su daidai da hoton.

8. Ba zan iya ƙanƙance hoton kawai in jefa shi cikin manhajar ba?

Za ka iya. Idan ka ja fayil ɗin PNG ka saka a MagicaVoxel, zai zama faifai mai kaurin ƙwaya ɗaya, sannan da burushin Face kana iya jawo shi ya yi kauri. Sai dai abin da zai fito allo ne mai kauri, ba mutum ba: launin gaba zai bi har baya, ka ga ido ya ratsa kai ya ɓullo a ƙeya. Fuskar ma takan dagule, domin ƙanƙancewa tana gauraya launukan da ke maƙwabtaka. Farin ido da baƙinsa da fatar da ke kewaye sai su haɗu su zama toka-toka.

Amfanin ƙanƙantaccen hoto shi ne ya nuna maka wurin da kowane abu yake. Yanke kan kawai, daga saman gashi zuwa ƙarshen gemu, ka ajiye shi da suna `kai.png`, sannan ka ba ImageMagick waɗannan umarnin:

```
magick kai.png -resize 14x16! -dither None -colors 8 karami.png
magick karami.png -scale 3000% duba.png
```

Layin farko ya mayar da kan 14 da 16 da launi takwas, na biyu ya kumbura shi ba tare da ya shafe gefunan ba. Buɗe `duba.png` kusa da aikinka. Daga nan za ka ƙirga a layi na nawa gashi ya fara, a na nawa gemu ya tsaya. Ka ɗauki wurin, amma launin ka zaɓa da kanka kamar yadda tambaya ta 10 ta bayyana.

9. Na ji ana haɗa hoton gaba da na gefe a sassaƙo jiki. Yaya abin yake?

Ana fitar da zagayen jikin mutum daga hoton gaba a jawo shi ya cika kaurin akwatin aiki, sannan a juya gefe a goge duk abin da ya fita daga zagayen hoton gefe. Abin da ya rage shi ne inda biyun suka yi daidai. Sharaɗi shi ne tsayin hotunan biyu ya zama ɗaya, saman kai da tafin ƙafa su faɗa layi guda, in ba haka ba hanci zai sauko wurin baki.

Dabarar tana da aibi biyu da ba sa kaucewa. Na farko, idan ka leƙo daga sama za ka ga komai mai kusurwa huɗu ne, har kai da ciki, sai ka bi ka fere kusurwoyin da hannu. Na biyu ya fi ban haushi: a hoton gefe hannu yana kan gangar jiki, don haka hannuwa sukan fito da kaurin ƙirji gaba ɗaya kamar fukafukai, kuma hanci yakan zama tudu da ya ratsa fuska daga kunci zuwa kunci. Duk wani rami, irin na ido, ba ya fitowa ko kaɗan, tunda ba a ganinsa a zagaye. Ga siffa mai babban kai irin tamu, gini da akwatuna ya fi sauri. Sassaƙar tana biya ne idan kana son ainihin ma'aunin jiki a tsayi 80 zuwa sama, musamman ga mai sanye da tufa mai faɗi.

10. Yaya zan samu launin fata daidai? Nawa kullum yana fitowa da dabbare-dabbare.

Dabbare-dabbaren yana zuwa ne daga ɗaukar launi fiksel-fiksel. Fatar mutum a hoto launi ɗaruruwa ce, saboda haske da inuwa da ƙyallin goshi. Ɗauki matsakaicin wani fili da haske bai ƙona ba, inuwa kuma ba ta rufe ba, kamar tsakiyar kunci:

```
magick kai.png -crop 40x40+300+420 +repage -resize 1x1 txt:-
```

Lambobi biyun da ke bayan alamar tarawa su ne wurin da filin ya fara, ka canza su su dace da hotonka. Umarnin zai ba ka lambar launi guda. Ita ce uwa. Daga ita ka yi ɗaya mai ɗan duhu don ƙarƙashin haɓa da cikin kunne, da ɗaya mai ɗan haske don hanci da goshi. Idan za ka duhunta, karkata kaɗan zuwa ja, domin ƙara baƙi zalla yana sa fata ta yi kamar ta yi datti.

A misalinmu launi 14 ne duka: fata uku, gashi da gemu biyu, riga biyu, wando biyu, takalmi ɗaya, ido biyu, leɓe ɗaya, tabarau ɗaya. Kada ka zana inuwar hoton a jikin siffar, domin manhajar za ta ƙara tata a sashen Render, ka tashi da inuwa biyu masu saɓa wa juna. Gashi da baƙin wando kuma kada su zama baƙi ƙirin. Sa su toka mai duhu sosai, in ba haka ba gefunan ƙwayoyin za su ɓace, gemu ya zama dunƙulen da ba a ganin fasalinsa. Ga mai duhun fata wannan ya fi zama dole: tabbatar akwai rata bayyananniya tsakanin launin fata mafi duhu da launin gashi.

11. Fuska fa? A nan nake maƙalewa.

Fara da ido, kuma ka sa shi ƙasa da inda zuciyarka take so. Idon mutum kusan a tsakiyar kai yake tsakanin haɓa da ƙoli, amma masu farawa sukan ɗaga shi sama su cinye goshi. A kai mai tsayi 16, layi na 8 daga ƙasa. A faɗi 14, ƙirga haka: fata 3, ido 2, rata 4, ido 2, fata 3. Kowane ido ƙwaya fara a waje, mai duhu a ciki. Farin ya zama mai ɗan dishi-dishi, domin fari fat yana sa mutum ya yi kamar ya firgita.

Tabarau ya zagaye kowane ido da faɗi 4 tsayi 3, ya fito gaba da ƙwaya ɗaya, da gada mai ƙwaya biyu a tsakiya. Hanci faɗi 2, a layi na 6 da na 7, ya fito da ƙwaya ɗaya. Baki faɗi 4 a layi na 4. Gemu ya rufe layuka ukun ƙasa, ya hau gefe ya haɗu da saje, kuma a ɗora shi a matsayin ƙarin ƙwayoyi, ba fenti a kan fata ba. Gashi ma haka. Kunne yana bayan tsakiyar kai kaɗan idan an duba ta gefe, daga layin ido zuwa ƙasan hanci. Daga ƙarshe goge layi ɗaya a kowace kusurwar kai, ka rage faɗin layuka biyun ƙasa don muƙamuƙi ya fito.

Yanzu kashe Mirror X. Duk abin da ya rage, wato tsagar gashi, tabo, agogo, aljihun riga, ba a gefe biyu yake ba, kuma sau da yawa shi ne ke sa a ce "ai wane ne!"

12. Na gama, amma bai yi kama da shi ba. Ina matsalar?

Yi gwaji biyu. Ƙanƙance siffar a allo har ta zama kamar girman babban yatsa, ka ajiye hoton kusa da ita a girma ɗaya. Idan a haka ba su yi kama ba, matsalar tana manyan abubuwa: fasalin kai, layin da gashi ya fara, girman gemu, launin fata. Ƙara ƙwayoyi a ido ba zai gyara ta ba. Gwaji na biyu, nuna wa wanda ya san mutumin ba tare da ka faɗi suna ba, ka tambaye shi abin da ya fara gani.

Sau da yawa maganin shi ne ka zaɓi abu biyu ko uku da aka fi sanin mutumin da su, ka ƙara musu gishiri. Gira mai kauri ta ci layi biyu maimakon ɗaya. Faffaɗan goshi, ɗaga layin gashi da ƙwaya ɗaya fiye da yadda `duba.png` ya nuna. Idan kuma fuskar ta yi kamar mai fushi, duba gira: ƙwayar ciki ta sauko ƙasa da ta waje. Idan ta yi kamar ta yaro ƙarami, ido ya yi girma ko ya sauka ƙasa da layi na 8.

13. Akwai hanyar da ba ta hannu ba?

Akwai. Ana zagaye mutum a ɗauki hotuna da dama ta kowace kusurwa, manhaja irin Meshroom ta haɗa su ta fitar da siffa mai santsi, sannan a Blender a sa mata Remesh a zaɓi Blocks. Octree Depth shi ke ƙayyade girman ƙwaya: 5 yana raba fili gida 32, 6 kuma gida 64. Sai dai mutum ba ya tsayawa cik, numfashi kaɗai yana dagula sakamako, gashi da gilashin tabarau kuma ba sa fitowa da kyau. Remesh yana kuma zubar da shimfiɗar launin asali, sai an sake ɗora ta. Sannan ma'aunin zai fito na gaskiya, wato ƙaramin kai, ka koma matsalar tambaya ta 6.

14. Me ya sa launuka suka cakuɗe da na kai siffar Blender?

Idan ka fitar da obj daga MagicaVoxel, fayil uku ne ke fita: `.obj` da `.mtl` da wani siririn `.png` da ke ɗauke da launuka a jere, fiksel ɗaya kowane launi. Ka bar su a wuri ɗaya, in ba haka ba siffar za ta shigo babu launi. Idan kuma launin ya shigo amma ya gauraye da na maƙwabcinsa, je Image Texture ka mayar da Linear zuwa Closest.

15. Ina son in buga ta a firintar abubuwa masu jiki. Me zan kiyaye?

Fara da girman ƙwaya. Idan kowace milimita 2 ce, siffarmu za ta yi milimita 96. Bakin firinta na gama-gari milimita 0.4 ne, don haka ƙwayar da ta gaza milimita 1.5 kusurwoyinta sukan narke su yi zagaye, kyan aikin ya tafi. Fayil ɗin STL, wanda aka saba amfani da shi wajen bugu, ba ya ɗaukar launi, kuma firinta mai zare ɗaya launi ɗaya za ta fitar. Duk abin da ka yi da fenti kawai, kamar ido da baki, zai ɓace. Tura su ciki da ƙwaya ɗaya kafin bugu, don ka samu gurbin da za ka bi da burushi daga baya.

Sannan bi siffar ka nemi ƙwayoyin da suka haɗu ta gefe ko ta kusurwa kawai, ba fuska da fuska ba. A allo kamar a manne suke, amma a hannu babu abin da ke riƙe su. Hannun tabarau da jelar gashi su ne suka fi yin haka. Babban kan nan ma yana rataye a kan wuya mai faɗin 6, ƙasansa duk a sarari yake, sai an sa masa madogara wadda takan bar tabo. Ya fi sauƙi ka buga kan daban da rami a ƙasansa, ramin ya ɗara wuyan da kamar milimita 0.2 ta kowane gefe, ka ƙara wa wuyan tsawon ƙwaya uku da za su shige ciki. Siffar tana da nauyin sama, don haka sa mata faifai a ƙarƙashin ƙafa mai kaurin ƙwaya biyu.

16. Sai na nemi izinin mai hoton?

Idan kyauta za ka yi masa ta ba-zata, ba matsala. Amma kafin ka wallafa ko ka sayar, tambaye shi, idan yaro ne ka tambayi iyayensa, musamman da yake ƙara gishirin da aka ambata a tambaya ta 12 ba kowa ne ke jin daɗinsa ba. Idan kuma ba kai ka ɗauki hoton ba, wanda ya ɗauka yana iya kasancewa da haƙƙi a kansa, sai ka nemi yardarsa shi ma.